Fitsarin wa aka auna? Yadda ƙaramin asibiti ke gane ƙwayoyin cutar da suka daina jin magani

Idan mace ta zo ƙaramin asibiti tana kukan zafin fitsari da yawan zagayawa da ciwon mara, ma'aikacin lafiya ba ya jiran sakamakon gwaji kafin ya rubuta mata magani. Shuka fitsari a ɗakin gwaji, wato barin ƙwayar cutar da ke cikinsa ta tsiro a faranti, da auna magungunan da take ji yana cin kwana biyu zuwa uku, ita kuwa yau take cikin wahala. Saboda haka kintace yake yi. Kintacen nan ba laifi ba ne, haka aikin yake a ko'ina cikin duniya. Abin tambaya shi ne, da me ya dogara? Idan ya dogara da abin da ya koya shekara goma da suka wuce, ko da alƙaluman babban asibiti inda ake kwantar da waɗanda ciwo ya ci ƙarfinsu, zai yi kuskure, kuma kuskuren zai riƙa maimaituwa a kan kowace mace da ta shigo.

A nan maganar bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ke saukowa daga teburin taro zuwa ɗakin duba marasa lafiya. Babban binciken da aka wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa a shekarar 2019 bakteriya masu bijire wa magani sun yi sanadin mutuwar mutum miliyan 1.27 kai tsaye, kuma suna da hannu a mutuwar miliyan 4.95. Ƙwayar da ta zo kan gaba a wannan lissafi ita ce E. coli, wadda ke zaune a hanjin kowa, kuma ita ce ke haddasa kusan kashi uku cikin huɗu, ko fiye, na ciwon mafitsara marar rikici, wato wanda bai haura zuwa ƙoda ba kuma ba wata matsala tare da shi. Shi ya sa fitsari ya fi komai dacewa da sa ido a cikin al'umma: samfurinsa ba wuyar samu, ba a huda jikin kowa, kuma abin da ya nuna hoto ne na abin da ke cikin hanjin jama'ar yankin.

Sai an fara gyara wata fahimta tukuna. Mutane kan ce jikinsu ya saba da magani. Ba jiki ne ke sabawa ba, ƙwayar ce ke canzawa. Duk lokacin da aka sha antibayotik, ko don mura ne wadda ba ruwanta da shi, maganin ba ya tsayawa a inda ake ciwo kawai. Yana ratsa hanji ya kashe ƙwayoyin da ke jin sa, ya bar fili ga 'yan tsirarun da ba sa ji, su kuwa su hayayyafa. Bayan wata guda, idan ɗaya daga cikinsu ta haura zuwa mafitsara, ciwon da za ta jawo ba zai ji wancan maganin ba. Nazarin da ya haɗa bincike masu yawa daga ƙananan asibitoci ya nuna haɗarin ya fi girma a watannin farko bayan shan maganin, kuma ana iya ganin burbushinsa har shekara guda. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne bakteriya na miƙa wa juna ɗan zoben gado da ake kira filasmid, kuma zobe guda na iya ɗauke da makaman kariya daga magunguna uku ko huɗu a tare. A riƙe wannan, za a dawo kansa.

Yadda lissafi ke yaudarar mai shi

Ga misali da alƙaluman da aka tsara don bayani kawai. A ce ƙaramin asibiti ya karɓi takardun sakamakon shekara guda daga ɗakin gwaji. An samu E. coli a samfuri 84, kuma 42 daga ciki ba sa jin sifurofulokzasin. Kashi 50 ke nan. Wanda ya ga wannan zai ce maganin ya tashi aiki, a koma allurar seftiriyakzon.

Amma a dubi sunayen. Samfuri 14 na mutanen da aka riga aka ƙidaya ne, sun dawo sau biyu ko uku saboda ciwon ya ƙi tafiya, kuma 12 daga cikin waɗannan masu bijirewa ne. Ƙa'idar da ɗakunan gwaji ke bi ita ce a ɗauki ƙwayar farko kaɗai daga kowane mutum a cikin lokacin da ake lissafawa, domin mai ƙwaya mai taurin kai shi ne ke yawan dawowa, idan aka ƙidaya shi sau uku ya kumbura adadin. Da aka cire su, saura 70, masu bijirewa 30, wato kashi 43.

Sai a sake tambaya: su wane ne saba'in ɗin nan? Talatin daga cikinsu ko dai suna da robar fitsari, ko ba su daɗe da fitowa daga gadon asibiti ba, ko kuma sun sha magani bai yi ba sannan aka tura su gwaji. A cikin waɗannan, 20 ne masu bijirewa, kashi 67. Sauran arba'in ɗin mata ne da suka zo karon farko da ciwo marar rikici, kuma a cikinsu 10 ne kawai, kashi 25. To, matar da ke zaune gaban ma'aikacin lafiya yau da zafin fitsarin kwana biyu, a wane rukuni take? A na biyu. Adadin da ya shafe ta 25 ne, ba 50 ba.

Wannan ita ce babbar matsalar sa ido a matakin al'umma. A yawancin wurare ba a tura fitsari gwaji sai magani ya ƙi aiki, don haka ɗakin gwaji yana ganin masu taurin ne kawai, ya ɗauka su ne kowa. Ma'aikaci ya ga adadi mai ban tsoro, ya tsallake maganin farko ya hau mai ƙarfi, mai ƙarfin kuma ya haifar da bijirewar da ake tsoro. Maganin wannan ba tsada gare shi ba, sai dai yana son horo: a ware lokaci, a ce wata uku, a karɓi fitsarin duk mace baliga da ta zo da alamun ciwon mafitsara a jere, ba zaɓe, kafin ta haɗiyi ƙwayar magani ko ɗaya. Idan hali bai kai ba, a ɗauki ta uku-uku ko ta biyar-biyar bisa tsari, ba bisa ganin damar mai duba ba. A jikin takardar kowane samfuri a rubuta shekaru, jinsi, ko tana da ciki, ko akwai zazzaɓi, ko ta sha antibayotik cikin wata uku da suka wuce, ko an kwantar da ita a asibiti. Ba tare da waɗannan layuka shida ba, ba za a iya raba rukunin nan biyu ba har abada.

Akwai kuma batun yawa. Mafi ƙarancin abin da ake yarda a fitar da kaso a kansa shi ne ƙwaya 30 ta jinsi guda, kuma ko talatin ɗin ma a bakin gaɓa suke. Goma cikin arba'in kashi 25 ne a takarda, amma ainihin adadin a cikin jama'a na iya faɗawa ko'ina tsakanin kashi 13 da 41. Don haka idan bara an samu 25 bana aka samu 30, babu wanda ya isa ya ce abu ya ƙaru. Asibitin da ba zai iya tara talatin a shekara ba, ya haɗa kai da maƙwabtansa biyu ko uku, ko ya haɗe shekara biyu ya rubuta a fili cewa ya haɗe.

Tsakanin kwalba da faranti

Ko an zaɓi mutanen da suka dace, samfurin na iya lalacewa a hanya. Fitsari abinci ne ga bakteriya, kuma E. coli na iya ninka kanta cikin minti ashirin idan ta samu ɗumi. 'Yan ƙwayoyin da suka faɗo daga fata lokacin tara fitsarin, idan kwalbar ta wuni a kan tebur, za su cika ta har a ɗauka ciwo ne. Ƙa'idar ita ce a tari tsakiyar fitsari a kwalba mai tsabta, a shuka cikin awa biyu, ko a sa a firij a sanyin digiri 4 na Salsiyas har zuwa awa 24, ko a yi amfani da kwalba mai sinadarin borik a cika ta zuwa layin da aka zana. Idan aka zuba kaɗan a irin wannan kwalbar, sinadarin zai yi yawa ya kashe ƙwayar da ake nema. Alamar gurɓataccen samfuri ita ce ganin jinsi uku ko fiye sun tsiro a faranti ɗaya. Irin wannan ba a sa shi a lissafi.

Auna jin magani kuwa yawanci da ƙananan faifan takarda ake yi, kowane ɗauke da magani guda. Ana shafa ƙwayar a farantin Mueller-Hinton, a jera faifan, a ajiye a ɗumin digiri 35 na awa 16 zuwa 18, sannan a auna faɗin da'irar da ƙwayar ta kasa tsirowa a kewayen kowane faifai. Da'ira mai faɗi, magani na ci. Ƙarama, ba ya ci. Aikin kamar mai sauƙi, amma abin lura shi ne kurakuransa da yawa sun karkata gefe guda, gefen nuna bijirewar ƙarya. Kaurin abin shukar ya kamata ya zama milimita 4, idan ya fi haka da'ira za ta tsuke. Ruwan ƙwayar da ake shafawa ya kamata ya yi daidai da ma'aunin 0.5 McFarland, idan ya yi kauri da'ira za ta tsuke. Faifan da ya sha zafi ko laima ya rage ƙarfi, da'ira za ta tsuke. Hanyar kama duk waɗannan guda ce: a riƙa gwada sananniyar ƙwayar nan ta awo, E. coli ATCC 25922, wadda aka san faɗin da'irar da ya kamata ta bayar ga kowane magani. Idan ta fita daga iyaka, a jingine sakamakon ranar gaba ɗaya. Ɗakin gwajin da ba shi da littafin wannan awo, alƙalumansa ba abin gina shawara ba ne, kome kyan takardarsa. Kuma a riƙa rubuta faɗin da'irar da milimita, ba hukuncin ji ko rashin ji kaɗai ba, saboda iyakokin da ake yanke hukunci da su suna canzawa, kuma da lambar ce kawai za a iya kwatanta bana da shekara biyar baya. Manhajar WHONET, wadda kyauta ce, tana ajiye wannan, tana cire maimaici, kuma tana fitar da bayanan a sigar da tsarin GLASS na Hukumar Lafiya ta Duniya ke karɓa, tsarin sa ido kan bijirewar ƙwayoyin cuta da aka buɗe a 2015.

Daga adadi zuwa takardar magani

A koma kan matan nan arba'in. A ce ban da sifurofulokzasin mai kashi 25, an samu 26 ba sa jin kotirimokzazol, kashi 65, biyu kuma ba sa jin nitirofurantoyin, kashi 5. Me za a yi da wannan?

Akwai ma'aunin da ƙwararru suka daɗe suna aiki da shi: idan bijirewa ga kotirimokzazol ta haura kashi 20 a yanki, a daina ba da shi da ka don ciwon mafitsara. Ga ciwon ƙoda, wanda ya fi haɗari, iyakar ta fi tsauri, kashi 10 ga dangin sifurofulokzasin. A misalinmu ke nan kotirimokzazol ya fita, sai idan gwaji ya nuna yana ci. Nitirofurantoyin ya zama na farko ga mace baliga marar ciki mai ciwon mafitsara marar rikici, miligiram 100 na irin mai narkewa a hankali, sau biyu a rana, kwana biyar. Dalilin da ya sa wannan tsohon magani, wanda ake amfani da shi tun shekarun 1950, ya daɗe bai gaza ba shi ne yana taruwa a fitsari, ba ya daɗewa a jini, yana kuma kai wa ƙwayar hari ta fuskoki da dama lokaci guda.

Wannan ƙarfin nasa shi ne kuma iyakarsa. Tunda ba ya taruwa a jini da naman ƙoda, ba ya maganin ciwon da ya haura sama. Mace mai zazzaɓi da rawar sanyi da ciwon kwiɓi ko amai ba ta cikin wannan layi, ana tura ta gaba a ɗauki samfuri a ba ta abin da ke ratsa jiki. Ba a ba wa wanda ƙodarsa ta yi rauni, domin maganin ba zai isa fitsarin da yawa ba, ba a ba wa mai ƙarancin sinadarin G6PD saboda yana iya farfasa masa jini, kuma ana guje masa a ƙarshen ciki dab da haihuwa. Takardar jagora ta asibiti, wadda bai kamata ta wuce shafi ɗaya ba, dole ta ɗauki waɗannan togaciya a fili. In ba haka ba, ranar da aka ba mai ciwon ƙoda nitirofurantoyin ta dawo a galabaice, ma'aikata za su yanke ƙauna da tsarin dukansa su koma gidan jiya.

Rabin tattalin magani kuwa sanin inda ba a ba da shi ne. Samun bakteriya a fitsarin wanda ba shi da wata alama ba ciwo ba ne, ya zama ruwan dare ga tsofaffi da masu robar fitsari, kuma ba a magance shi sai ga mai ciki ko wanda za a yi wa aikin da zai fasa hanyar fitsari. Fitsari mai wari ko mai duhu shi kaɗai ba dalilin antibayotik ba ne. Haka kuma zafin fitsari tare da ƙaiƙayi da fitar ruwa daga gaba yakan nuna wata matsala ce daban, wadda maganin mafitsara ba zai taɓa ba. Wannan ruɗani na cikin manyan hanyoyin da ake ɓarnatar da magani, domin mai ciwon za ta sha kala uku a jere ba sauƙi, kowane kala kuma yana sake tace ƙwayoyin hanjinta.

Sa ido ba ya cika sai an auna abin da ake sha, ba ƙwayar kaɗai ba. Tun 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kasa antibayotik gida uku a tsarin AWaRe: na farkon hannu, irin su amoksisilin da nitirofurantoyin da kotirimokzazol, na sa-ido, irin su sifurofulokzasin da seftiriyakzon da azitiromaisin, waɗanda suka fi saurin haifar da bijirewa, sai na ajiya, waɗanda ba su da hurumi a ƙaramin asibiti sam. A 2024 ƙasashe suka amince a babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya cewa nan da 2030 aƙalla kashi 70 na abin da ake sha a duniya ya fito daga gidan farko. Ƙaramin asibiti na iya auna kansa ba tare da wata na'ura ba. A zaro takardun marasa lafiya 30 a jere kowane wata, a ƙirga nawa ne suka fita da antibayotik, nawa ne daga gidan farko, nawa ne aka rubuta sunan ciwon, nawa ne kwanakin suka yi daidai da jagora. Sannan a nuna wa kowane mai rubuta magani nasa adadin kusa da na abokan aikinsa, a keɓe, ba a gaban jama'a ba. Wannan kwatancen yana aiki: a Ingila, wasiƙa guda da aka aika wa likitocin da ke cikin kashi 20 mafi yawan rubuta antibayotik a yankunansu, tana nuna musu cewa sun fi yawancin takwarorinsu rubutawa, ta rage rubutun da kashi 3.3 cikin wata shida. Ba yawa, amma da kuɗin takarda aka same shi.

Sai dai takardun asibiti ba sa ganin abin da aka saya kai tsaye a shagon magani, kuma a ƙasashe da yawa nan ne mafi yawan antibayotik ke fita. Shi ya sa tambayar nan ta "kin sha wani abu kafin ki zo?" take da nauyi biyu: tana raba rukunin samfuri, tana kuma nuna abin da ke yawo a gari. Ya fi kyau a nuna wa mai ciwon fakiti ko hotunan magungunan ta nuna wanda ta sha, saboda kaɗan ne ke riƙe suna. Tsarin da ya bar masu sayar da magani a waje ya bar ƙofa a buɗe. A ba su shafin jagoran nan, a koya musu alamun da ke sa a tura mutum asibiti nan take, a kuma riƙa kai musu sakamakon yankin kamar yadda ake kai wa ma'aikatan lafiya. Akwai ma wani abin da ke shiga rigar bijirewa alhali ba ita ba ce, wato jabun magani ko wanda bai cika ƙarfi ba, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ya kai ɗaya cikin goma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin tattalin arziki. Idan gwaji ya ce ƙwaya na jin magani, mai ciwo ta sha yadda aka ce, amma ba sauƙi, kuma aka ga haka ga mutane da dama, a dubi lambar rukunin fakitin kafin a zargi ƙwayar.

Saura tambayar da kowa ke yi: idan aka rage shan magani, ƙwayar za ta koma jin sa? Wani lokaci. A Finlan, bayan an rage amfani da dangin eritiromaisin, bijirewar ƙwayar da ke jawo ciwon maƙogwaro ta sauko daga kashi 16.5 a 1992 zuwa 8.6 a 1996. Amma E. coli ba ta da wannan sauƙin kai. A Birtaniya rubuta magungunan salfa, dangin da kotirimokzazol ke ciki, ya faɗi daga sama da miliyan uku a 1991 zuwa ƙasa da dubu ɗari a 1999, duk da haka bijirewar E. coli gare su ba ta ragu ba, ta tashi daga kusan kashi 40 zuwa 46. A wani yanki na Suwidin an janye tirimetofirim, wanda shi ma yana cikin haɗin kotirimokzazol, na tsawon shekara biyu da gangan, amfani da shi ya ragu da kashi 85, bijirewar kuwa da ƙyar ta motsa. Dalilin shi ne zoben gadon nan da aka ambata a farko. Idan kariyar salfa na zaune a zobe ɗaya da kariyar amoksisilin, to duk mai shan amoksisilin yana raya su biyun, ko da ba wanda ke taɓa salfa. Ƙari a kan haka, ɗaukar zoben ba ya yi wa ƙwayar wani nauyin da zai sa ta yar da shi.

Abin da wannan ke nufi ga asibitin misalinmu shi ne kada ya sa ran kashi 65 na kotirimokzazol zai sauko don an daina rubuta shi, kuma kada ya ɗauki rashin saukowar a matsayin gazawa. Lambobin da zai zuba wa ido su ne kashi 5 na nitirofurantoyin da kashi 25 na sifurofulokzasin, ko za su tsaya a inda suke idan aka sake zagayen wata uku baɗi, da irin matan da aka ɗauka bana, da irin kwalba da farantin da aka yi aiki da su bana. Idan aka canza ɗaya daga cikin waɗannan a tsakani, a rubuta ranar da aka canza a gefen jadawalin.